Takarda ɗaya, maki uku: yadda aka gyara barem ɗin tambayar tarihi a wata kwaleji ta Damagaram

A wata kwaleji ta gwamnati da ke cikin garin Zinder akwai azuzuwan turaziyem huɗu, wato ajin ƙarshe na kwaleji, kowanne da ɗalibai wajen saba'in, kuma malamai uku ne ke koyar da su tarihi da labarin ƙasa. Da jarrabawar rabin shekara ta matso, darakta ya ce tambaya ɗaya za a yi wa dukan azuzuwan, a haɗa takardun amsa wuri guda, a raba wa malaman ba tare da duba ko ajin wane ne ba. Nufinsa yaran su ɗanɗana abin da zai same su a Bepese, jarrabawar gama kwaleji, inda wanda bai taɓa ganin fuskarsu ba ne zai duba musu.

Malaman suka zaɓi batun da yaran suka sani tun daga gida, wato ɗauke babban birnin Nijar daga Damagaram zuwa Yamai. Da Faransanci aka rubuta tambayar, da shi kuma ake amsawa, amma ga yadda take da Hausa:

(a) Faɗi shekarar da sojojin Faransa suka kama Zinder, da shekarar da aka mayar da babban birni Yamai. (maki 2)

(b) Bayyana abubuwa biyu da suka ba Damagaram ƙarfi kafin zuwan Turawa. (maki 4)

(c) Bayyana dalilai uku da suka sa Turawa suka ɗauke babban birni daga Zinder. (maki 6)

(d) A ganinka, wanne daga cikin dalilan ya fi nauyi? Kawo hujja. (maki 6)

Tsari da harshe: maki 2. Jimla: 20. Lokaci: awa ɗaya.

Tambayar kanta ba ta da laifi. Ta fara da mai sauƙi ta hau zuwa mai wuya, kuma rabon makin ya dace da lokacin. In aka cire minti goma na karanta tambaya da sake duba amsa, saura minti hamsin na maki ashirin, wato minti biyu da rabi ga kowane maki. Sashe mai maki shida zai ci wajen kwata, kuma yaron turaziyem na iya rubuta sakin layi biyu zuwa uku a cikin kwata. Inda matsala ta kwanta shi ne barem ɗin, takardar da ke gaya wa mai dubawa inda zai ba da maki da inda zai hana. Abin da aka rubuta a cikinta bai wuce amsar da babban malamin sashen ya tsara da hannunsa ba, shafi ɗaya, da lambobin 2, 4, 6, 6, 2 a gefe.

Kafin a raba takardun, wata malama daga cikin ukun ta ce a ɗauki guda ɗaya, a rufe sunan mai ita, a yi mata hoto kashi uku, kowa ya duba nasa shi kaɗai. Takardar wata yarinya ce aka zaro. Babban malamin ya ba ta 7, malamar ta ba ta 11, sabon malamin da aka turo a wannan shekarar ya ba ta 15. Tsakanin 7 da 15 akwai layin goma bisa ashirin, wanda shi ne ke raba wanda ya ci da wanda ya faɗi. A nan ne darakta ya kira ni, a matsayina na mai ba malamai shawara kan koyarwa, muka zauna da su a ofishinsa bayan la'asar.

Ban fara da tambayar wa ya yi daidai ba, domin kowannensu yana da hujja. Na roƙi kowa ya nuna mini a jikin takardar inda kowane maki ya fito. Babban malamin ya ce abin da ke ciki ya kai 11, amma ya cire rabin maki a kan kowane babban kuskuren Faransanci, ya ƙirga takwas, sai ya rage huɗu. Malamar ta ajiye amsar babban malamin a gefe tana gwadawa layi da layi, duk abin da yarinyar ta faɗa wanda ba ya cikin waccan amsar ba ta ƙirga shi ba. Sabon malamin kuwa ya ga shafi biyu cike da rubutu mai tsabta, ya ga dalilai huɗu a sashe na (c) maimakon uku, sai ya cika mata shida a can, ya ba ta biyar a (d). Hatsi ɗaya suke awo, amma kowa da tiyarsa.

Babban malamin ya ce, "Malam, shekara nawa ina wannan aiki, in na karanta takarda na san ta nawa ce." Na ce masa ban yi musu ba, sai dai takardu ɗari biyu da tamanin ba shi kaɗai zai duba su ba, kuma abin da ke cikin kansa ba ya isa hannun sauran biyun sai an rubuta shi. Ƙa'idar da muka ɗora aikin a kanta ke nan: kowane maki ɗaya sai an ɗaure shi da wani abu da za a iya nunawa da yatsa a jikin takardar ɗalibi.

Sashe na (a) bai ɗauke mu lokaci ba. 1899 maki ɗaya, 1926 maki ɗaya, babu rabi. Abin da muka ƙara kawai shi ne amsoshin da muka san za su zo kuma ba za a karɓa ba. Yara da yawa za su rubuta 1898, shekarar da aka kashe Kyaftin Kazamaju a Zinder zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, amma kama garin sai a shekara mai bi, bayan yaƙin Tirmini. Wasu za su rubuta 1922, shekarar da Nijar ta tashi daga yankin mulkin soja ta zama koloni, ko 1911, lokacin da aka kawo hedikwata Zinder. Duk waɗannan shekaru ne na gaskiya a tarihin garin, shi ya sa mai dubawa da ya gaji zai iya tausayawa ya ce ai ya kusa. An rubuta a barem cewa kusa ba ta da maki.

A sashe na (b) da na (c) kalmar umarnin ita ce "bayyana", kuma ita ce ta yanke mana yadda za a tsaga makin. Wanda aka ce ya faɗi abu, ambato kawai ake nema a gare shi. Wanda aka ce ya bayyana, ana neman ambato da kuma mahaɗin da ke tsakanin abin da ya ambata da abin da aka tambaya. Saboda haka kowane dalili maki biyu ne: ɗaya na ambato, ɗaya na mahaɗi. Yaron da ya rubuta "kasuwanci" a (b) ya sami ɗaya. Wanda ya rubuta cewa ayarin raƙuma da ke tasowa daga Tarabulus ta Agadas zuwa Kano a Zinder yake yada zango, sarki yana karɓar kuɗin fito yana sayen makamai da su, ya sami biyu. Haka wanda ya ce "ganuwa" ya sami ɗaya, wanda ya ce Sarki Tanimun ya kewaye Birni da ganuwa har maƙiya suka kasa shiga, fatake suka sami inda za su ajiye dukiya hankali kwance, ya sami biyu. Alamar da mai dubawa zai nema a jikin jimla ita ce irin su "saboda", "shi ya sa", "wannan ya sa", ko abin da ya yi aikinsu. Amma mun ja kunne a nan, don yara sun iya dabara: kalmar "saboda" ita kaɗai ba ta sayen maki. "Damagaram tana da ƙarfi saboda tana da ƙarfin soja" zagaye ne kawai, bai ƙara komi ba, ɗaya ya samu.

Sai muka faɗaɗa jerin amsoshin da za a karɓa. Amsar babban malamin dalilai uku ce rak a (c), tunda uku aka tambaya, kuma wannan ne ya sa malamar ta hana yarinyar makin da ta cancanta. Jerin barem dole ya fi abin da aka tambaya tsawo. Muka rubuta biyar. Ƙarancin ruwa a Zinder, garin da ke zaune kan duwatsu, rijiyoyinsa na ƙafewa da rani. Kusancinsa da Najeriya ta Ingilishi, da yadda cinikinsa ya karkata Kano, wadda jirgin ƙasa ya riga ya isa. Kusancin Yamai da sauran ƙasashen da Faransa ke riƙe da su, kamar Dahome da ƙasar da yau ake kira Burkina Faso. Kogi a matsayin hanyar sufuri lokacin da ruwa ya cika. Da rashin amincewar Turawa da masarautar Damagaram, musamman bayan 1906, da suka zargi Sarki Amadu Ɗan Basa da shirya musu tawaye suka tuɓe shi. A ƙasan jerin muka sa layi ɗaya: duk wani dalili na gaskiya da ba ya nan, mai dubawa ya sa masa alamar tambaya da fensir, a kawo shi zama, in an karɓa a ƙara shi a barem ɗin kowa. Ba a bar wa mutum ɗaya ya yanke shi kaɗai ba, domin in ya karɓa a aji ɗaya wani ya ƙi a wani ajin, an koma gidan jiya.

Akwai kuma amsar da muka san za ta yi yawa kuma ba daidai ba ce: cewa Yamai ta fi Zinder girma da yawan mutane. Yaro yana kallon Yamai ta yau ne. A 1926 ƙaramin gari ce, Zinder ta fi ta nesa ba kusa ba, girman Yamai ya biyo bayan ƙaurar ne. An rubuta ta cikin waɗanda ba su da maki.

Gardama mafi tsawo a kan abubuwa biyu ta tashi, kuma duka a takardar yarinyar nan suke. Ga abin da ta rubuta a (c), in an juya shi Hausa. Na farko, Zinder ba ta da ruwa, rijiyoyi na ƙafewa, ma'aikatan Turawa da sojojinsu ba za su iya zama da yawa ba. Na biyu, Yamai tana bakin kogi, akwai ruwan sha duk shekara. Na uku, Zinder tana kusa da Najeriya. Na huɗu, Yamai tana kusa da Dahome.

Sabon malamin ya ce, "Malam, ai dalilai biyu ne na farkon nan, ɗaya na Zinder ɗaya na Yamai." Malamar ta ce a'a, magana ɗaya ce aka faɗa ta gaba da ta baya: can babu ruwa, nan akwai ruwa. Ita ce da gaskiya a ganina, kuma gwajin da na ba su mai sauƙi ne. In ka goge na biyun, akwai wani sanin da ya ɓace daga takardar? In babu, maimaici ne. Da yarinyar ta ce kogin hanya ce ta kai kaya da kwale-kwale zuwa Gaya, da ya zama dalili mai zaman kansa, don sufuri daban, ruwan sha daban. Muka rubuta cewa ruwan sha dalili ɗaya ne ko ta wane gefe aka zo masa, iyakarsa maki biyu.

Na biyun shi ne abin da za a yi da wanda ya kawo fiye da uku. Hanya biyu ce. Ko a zaɓa masa uku mafi kyau, ko a duba uku na farko a tsaya. In aka ce mafi kyau, an koya wa yara su zubo duk abin da ke kansu, na gaskiya da na ƙarya, malam ya yi musu tsince, alhali zaɓen dalili yana cikin abin da ake jarrabawa. In aka ce uku na farko, akwai yaron da zai fara da raunana ya ƙare da masu ƙarfi ya yi asara. Babban malamin yana son uku na farko, ni ma can na karkata, amma malamar ta kawo abin da ya tsayar da mu: ba a gaya wa yaran haka a jikin tambaya ba, kuma jarrabawa ta riga ta wuce. Dokar da ba a sanar ba, ba a kama mutum da ita. Sai muka tsaya a tsakiya a wannan karon. Za a bi dalilan bi da bi, maimaici a haɗe shi da ɗan'uwansa kada ya cinye gurbi, amma dalilin ƙarya ya cinye gurbinsa, in gurbi uku sun cika a daina. A jarrabawa ta gaba kuma za a rubuta a ƙarƙashin tambayar cewa uku na farko kawai za a duba.

Da wannan, (c) ɗin yarinyar ya fito fili. Ruwa, an ambata an bayyana, biyu. Kogi, maimaici, an haɗe shi da na farko. Kusanci da Najeriya, ambato kawai, ba ta faɗi abin da ya dami Faransa a ciki ba, ɗaya. Kusanci da Dahome ya shiga gurbi na uku, shi ma ambato, ɗaya. Huɗu bisa shida.

Sashe na (d) ba ya tsaguwa haka, kuma nan ne barem da yawa ke lalacewa. In ka ce maki ɗaya ga kowace magana, yaron da ya sake jero dalilan (c) zai kwashe shida bai yi tunani ko ɗaya ba, wanda kuma ya riƙe dalili guda ya tona shi da kyau zai tashi da biyu. Abin da ake nema a nan ingancin hujja ne, shi kuwa ba a ƙirga shi ɗai-ɗai, sai dai a sa masa matakai. Muka yi uku. Mataki na ɗaya, maki 1 zuwa 2: ya zaɓi dalili amma ya maimaita abin da ya faɗa a (c) kawai, ko ya jero dalilai bai zaɓa ba. Mataki na biyu, 3 zuwa 4: ya zaɓi dalili, ya kawo aƙalla hujja ɗaya ta gaskiya wadda ba ta cikin abin da ya rubuta a (c). Mataki na uku, 5 zuwa 6: ya yi abin da ke mataki na biyu, sannan ya gwada dalilin da ya zaɓa da wani dalilin, ya nuna abin da ya sa nasa ya rinjaya. Sifili ga wanda bai rubuta komi ba ko ya fita daga batu.

Da farko sabon malamin ya ba da shawarar a rubuta "mai rauni", "mai kyau", "mai kyau ƙwarai". Na ƙi, domin waɗannan kalmomin su ne suka haifi 7 da 15. Kowane mataki sai a bambanta shi da na ƙasansa da wani aiki da ɗalibi ya yi ko bai yi ba: ya zaɓa, ya kawo sabuwar hujja, ya gwada. Mai dubawa zai fara tambayar kansa wane mataki ne, kafin ya tuna da lamba. In ya sami matakin, sai ya ba da na sama idan an yi aikin a fili cikin jimloli cikakku, na ƙasa idan an taɓa shi ne kawai. Mun kuma rubuta da manyan baƙaƙe cewa babu dalilin da ya fi wani a wurin barem. Babban malamin ya yi imani ruwa ne asalin magana, sabon malamin yana ganin tsoron tasirin Kano ne, kuma yara na jin ra'ayin malaminsu a aji. Ɗan ajin wannan na iya faɗawa hannun wancan.

Misali na mataki na uku, wanda muka samo daga wata takarda muka liƙa a barem don kowa ya gani, ga ma'anarsa: ruwa ya fi nauyi, domin kusanci da Najeriya yana nan tun 1911 da Turawa suka zaɓi Zinder, bai hana su zama ba, amma ƙishirwa tana ƙaruwa ne duk lokacin da ma'aikata suka ƙaru. Layi huɗu ne kacal, da kurakuran rubutu a ciki, amma ya zaɓa, ya kawo hujja, ya gwada. Shida. Ganin wannan ya fi duk bayanin da na yi amfani, musamman ga sabon malamin, wanda tsawon rubutu ke ruɗa.

Sai wata tambaya da malamar ta ɗago: yaron da ya kawo dalilin ƙarya a (c), kamar girman Yamai, ya kuma zaɓe shi a (d) ya kare shi da tsari, me za a yi masa? An riga an hana shi maki biyu a (c). In aka ba shi sifili a (d), an hukunta kuskure ɗaya sau biyu, ya yi asarar takwas. In aka bar shi ya hau har shida, an saka wa ƙarya. Muka ce zai iya samun makin zaɓi da na gwadawa, amma kada ya wuce uku, tunda hujjar da zai kawo ba za ta zama ta gaskiya ba. Ba na cewa uku ita ce lambar da ta sauko daga sama. Wata makarantar na iya cewa biyu. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a bar gurbin babu komi.

A (d) yarinyar ta zaɓi ruwa, ta ƙara cewa har yau unguwannin Zinder na sayen ruwa a hannun ƴan garuwa da rani, wanda ke nuna matsalar ta ƙasa ce, ba ta shekara ɗaya ba. Sabuwar hujja ce kuma gaskiya ce, amma ba ta waiwayi sauran dalilan ba. Mataki na biyu.

Maganar harshe ta fi taɓa babban malamin, don haka na bar ta ƙarshe. Hujjarsa ita ce yaron da zai shiga lise, makarantar gaba da kwaleji, bai iya daidaita aiki da mai aiki a jimla ba, gobe shi za a zarga. Gaskiya ne, amma tambaya ta ware wa tsari da harshe maki biyu, kuma abin da aka sanar wa yara ke nan. Cire huɗu daga makin tarihi yana nufin jarrabawar ta koma ta Faransanci ba tare da an faɗa ba, ga yaran da Hausa ko Barbarci ko Fulatanci suke yi a gida, kuma suna da jarrabawar Faransancin tata daban. Muka tsaga biyun: ɗaya na tsari, wato an raba sassan an sa musu alama kuma an yi rubutu cikin jimloli, ɗaya na harshe, wato ana karantawa a gane ba tare da an koma baya ba. Kurakurai komi yawansu ba sa cin fiye da wannan ɗayan. Inda kuskure ya ɓata ma'ana har ba a gane abin da ake nufi, makin wannan maganar ya faɗi da kansa, tunda ba a iya nuna shi da yatsa. Babban malamin ya ce zai ci gaba da ja wa kurakurai jan layi. Muka ce ya ja, yara na amfana da shi, lissafi ne kawai ba zai shiga ba. Rabin maki kuwa mun hana shi gaba ɗaya, domin a nan ne mai dubawa ke ɓoye rashin yanke hukunci.

Da barem ya kammala, shafi biyu ya zama. Aka sake ba su takardar yarinyar, kowa a kusurwarsa. A (a) duka sun ba ta ɗaya, don ta rubuta 1899 da 1922. A (b) uku: ta bayyana cinikin ayari, ta ambaci ganuwa kawai. A (c) huɗu. A tsari da harshe ɗaya. A (d) babban malamin ya ba ta uku, sauran biyun huɗu. Jimla 12, 13, 13.

Takarda ɗaya ba ta isa gwaji ba, balle wadda aka yi ta gardama a kanta har kowa ya haddace ta. Aka zaro wasu shida da ba a taɓa gani ba, biyu da ake ganin masu ƙarfi ne, biyu matsakaita, biyu raunana, aka ce in tazarar da ke tsakanin malamai ta wuce maki ɗaya a jimla, barem ne za a koma wa, ba malamin ba. Biyar suka zauna cikin iyaka. Ta shida ta ba da 9, 10 da 12, kuma laifin namu ne na masu rubuta barem: yaron ya amsa (c) da (d) a haɗe cikin dogon sakin layi ɗaya, wani ya nemi hujjar a ƙarƙashin (d) bai gani ba, wani ya tsinto ta daga sama. Aka ƙara layi cewa amsa tana da makinta ko a ina aka rubuta ta, in dai a fili take, sai dai a cire makin tsari, kuma jimla ɗaya ba ta cin maki a wuri biyu.

Wajen dubawar kanta mun sauya rabon aikin. Maimakon kowa ya ɗauki kashi ɗaya bisa uku na takardun ya duba su daga sama har ƙasa, sai sabon malamin ya ɗauki (a) da (b) na kowa, babban malamin (c), malamar (d) da tsari da harshe. Ta haka in mutum yana da tsanani ko sassauci, ya shafi dukan yaran daidai. Yana da wahalarsa, don ɗaurin takardu sai ya yi ta yawo tsakanin gidaje uku, kuma sai an ƙirga shi a kowace miƙawa. Kowa yana rubuta makinsa a gefen layin da ya jawo shi, ba a saman shafi ba, yadda in uba ya zo da ƙorafi za a buɗe a nuna masa. Bayan kowace takarda talatin, mai dubawa yana komawa ga ɗaya daga cikin shidan nan na gwaji ya sake duba ta ba tare da kallon makin farko ba, saboda hannu yana sauyawa: da safe mutum na da tsanani, in dare ya yi ya gaji sai ya fara ba da na tsakiya ga kowa.

Da aka tattara makin sashe-sashe, (a) da (b) sun yi kyau a dukan azuzuwan. A (c) mafi yawan yara sun tsaya a uku, wato sun ambaci dalilai uku ba su bayyana ko ɗaya ba, abin da ke nuna sun haddace jerin da aka rubuta musu a allo ne. A (d) waɗanda suka kai mataki na uku ba su cika tafin hannu biyu ba, kuma kusan dukansu daga aji ɗaya suke, ajin malamar, wadda ta saba sa yara su yi muhawara a kan dalilai kafin ta rubuta taƙaitawa. Darakta ya nemi a raba wa kowane aji barem ɗin ranar mayar da takardu, a karanta matakan (d) a fili, a sa kowane ɗalibi ya nemo a takardarsa dalili ɗaya da ya sami maki ɗaya a kansa, ya ƙara masa jimlar da za ta kai shi biyu. Babban malamin ya amince da raba shafin farko, amma ya ƙi a ba yara misalin amsar mataki na uku, yana cewa za su haddace ta su zuba ta a kowace tambaya. An bar masa azuzuwansa biyu a haka, sauran biyun aka ba su, za a gwada makin (d) na ɓangarorin a jarrabawar ƙarshen shekara.